Yadda ake haɗa takardar riba, takardar kadara da takardar shige da ficen kuɗi a lissafin tsarin kasuwanci

Karo na farko da na haɗa irin wannan lissafin, ɓangarori biyu na takardar kadara suka ƙi yin daidai, na yi na yi har na gaji, sai kawai na shiga akwatin tsabar kuɗi na rubuta lambar da za ta cike giɓin da hannuna. Komai ya yi kyau a ido. Ranar da na kai wa wanda zai duba, bai karanta komai ba, ciniki kawai ya rage kaɗan ya danna, nan take takardar ta karkace, ya ɗago ya tambaye ni daga ina wannan kuɗin ya fito, ni kuwa ba amsa. Tun daga ranar na riƙe cewa akwatin tsabar kuɗi ba a rubuta masa lamba, shi ne na ƙarshe da ake cikewa kuma fomula ce ke kawo shi daga takardar shige da fice. Duk abin da zan nuna a ƙasa hanyar isa wurin ne.

Abin da za ka tanada

Excel ko Google Sheets, duk wanda ke hannunka, LibreOffice Calc ma yana yi amma shi yadda yake rubuta sunan shafi a fomula ya ɗan bambanta. Kwamfuta ta fi daɗi, a waya ana iya yi sai dai tsalle daga shafi zuwa shafi zai cinye maka rai. Sai hasashenka na ciniki da kashe-kashe, da bayanin jarin da za a zuba da rancen da za a karɓa in akwai, da kalkuleta da takarda a gefe don ka gwada shekarar farko da hannu.

Ka buɗe shafi huɗu ka sa musu suna `Zato`, `Riba`, `Kadara`, `Kudi`. Suna gajere, ba tazara a ciki, domin in akwai tazara sai fomula ta nemi a sa sunan cikin alamar zance, aiki ya ƙaru ba dalili. A duk shafuka huɗun kwalam A sunayen layuka ne, C ranar farawa, D shekara ta 1, E shekara ta 2. Wannan ka riƙe shi da kyau, kwalam D a ko'ina shekara ta 1 ce, kar wani shafi ya fara daga B wani daga D, rabin kurakuran da nake gyara wa mutane daga nan suke.

1. Zuba duk lambobin hannu a shafin Zato

Nan ne kaɗai ake rubuta lamba da hannu, ban da kwalam na ranar farawa a Kadara. Ga misalin da za mu bi har ƙarshe, lambobin nawa ne na koyarwa, kai ka sa naka. Wata sana'a ce mai saye da sayarwa, mai ita ya zuba jari 400,000, ya karɓi rance 300,000, ya sayi inji na 500,000 da ake sa ran zai yi shekara 5.

Layi na 3 ciniki, 1,200,000 a shekara ta 1 da 1,500,000 a ta 2. Layi na 4 kuɗin sayen kayan da aka sayar, kashi 60 cikin 100 na ciniki. Layi na 5 kuɗin gudanarwa, wato albashi da haya da wuta da sauransu, 240,000 sannan 270,000. Layi na 6 sayen inji, 500,000 a kwalam C, sifili a D da E. Layi na 7 shekarun inji, 5 a C. Layi na 8 kuɗin ruwa kashi 10, in rancenka ba na ruwa ba ne ka sa sifili ka bar layin yana nan. Layi na 9 biyan uwar rance, 60,000 duk shekara. Layi na 10 haraji kashi 20.

Sai layuka ukun da masu farawa ke mantawa, alhali su ne ke raba riba da kuɗin hannu. Layi na 11 bashin da kake bin kwastomomi a ƙarshen shekara, kashi 10 na ciniki. Layi na 12 kayan da ke jibge a sito, kashi 15 na kuɗin sayen kaya. Layi na 13 bashin da masu kawo maka kaya ke bin ka, kashi 10 na kuɗin sayen kaya. Na ƙarshe layi na 14, abin da mai jari zai cira ya sa aljihu, 30,000 a shekara. Duk layin da na ba lamba ɗaya ban faɗi kwalam ɗinsa ba, ka rubuta ta a D da E duka, kashi kuma da alamar % ake rubuta shi, kamar 60%.

Ni ina canza launin lambobin hannu zuwa shuɗi, fomula na bar ta baƙa, bayan wata uku in na dawo ba sai na tsaya tunanin wanne zan iya taɓawa ba.

2. Cika ranar farawa a Kadara tukuna

A Kadara, sama abin da sana'a ta mallaka ne: layi na 3 tsabar kuɗi, 4 bashin kwastomomi, 5 kaya a sito, 6 inji, 7 jimla. Ƙasa kuma inda kuɗin suka fito: 9 bashin masu kawo kaya, 10 rance, 11 jari, 12 ribar da aka tara, 13 jimla. Layi na 15 na gwaji ne.

A kwalam C, rance 300,000, jari 400,000, jimla 700,000. Inji 500,000, saura 200,000 tsabar kuɗi, jimla 700,000. Sauran layukan sifili. Jimlolin biyu fomula ce, `=SUM(C3:C6)` a C7 da `=SUM(C9:C12)` a C13, ka ja su har E. Ka sa fomular gwaji tun yanzu a C15 ka ja ta har E:

```
=ROUND(C7-C13,2)
```

In C15 bai nuna sifili ba kar ka matsa ko taku ɗaya, don giɓin da ke ranar farawa zai bi ka kowace shekara har ƙarshen lissafin, ka yi ta neman sa a inda ba ya nan. In sana'ar tana tafiya dama, lambobin C daga lissafin ƙarshen shekarar da ta wuce za ka ɗauko su, in ba a ajiye ba sai a ƙirga kaya, a duba asusun banki, a tattara bashin da ake bi da wanda ake binka, abin da ya rage tsakanin ɓangarorin biyu shi ne rabon mai jari.

3. Gina takardar riba

A Riba, layi na 3 ciniki, 4 kuɗin kaya, 5 riba ta farko, 6 gudanarwa, 7 zaizayewar inji, 8 kuɗin ruwa, 9 riba kafin haraji, 10 haraji, 11 riba ta ƙarshe. Duk kashe-kashen ka rubuta su ba mainus, ka rinƙa debe su a fomula, kar ka cakuɗa salo biyu. Masu sauƙin za ka gane da kanka, ga ukun da ke da magana:

```
D7   =Zato!$C$6/Zato!$C$7
D8   =Kadara!C10*Zato!D8
D10  =MAX(0,D9)*Zato!D10
```

Zaizayewa ita ce raba kuɗin inji a kan shekarun da zai yi aiki, 500,000 a raba 5 ya ba da 100,000 duk shekara. Alamar `$` tana ƙulle akwatin ne kar ya zame in ka ja fomula gefe, F4 ke sa ta. Ka sani wannan fomular inji ɗaya kawai ta sani kuma ba ta san tsayawa ba, in tsarinka ya wuce shekara 5 za ta ci gaba da ci har darajar inji ta koma mainus, in kuma za a sayi wani injin daga baya sai ka buɗe ɗan jadawali daban, kowane saye da layinsa.

Kuɗin ruwa kuwa ka lura C10 na ɗauko ba D10 ba, wato rancen da aka shiga shekara da shi. MAX ɗin can saboda shekarar da aka yi asara ne, kar shafin ya lissafa haraji mainus kamar hukuma ce za ta biya ka. In kwamfutarka ta ƙi waƙafi a cikin fomula ka gwada `;` a madadinsa, saitin yanki ne.

Shekara ta 1 za ta fito haka: riba ta farko 480,000, a cire 240,000 da 100,000 da ruwa 30,000 saura 110,000, haraji 22,000, riba ta ƙarshe 88,000. Biyan uwar rance 60,000 ba ya shiga nan sam, sayen inji ma haka, abin da mai jari ya cira ma haka. Na sha ganin an cusa biyan rance cikin kuɗin gudanarwa, wai ai kuɗi ne suka fita. Sun fita, gaskiya ne, amma bashi suka rage, wurinsu na zuwa.

4. Cika Kadara na shekara ta 1, ka tsallake tsabar kuɗi

D3 ka bar shi ba komai. Sauran:

```
D4   =Riba!D3*Zato!D11
D5   =Riba!D4*Zato!D12
D6   =C6+Zato!D6-Riba!D7
D9   =Riba!D4*Zato!D13
D10  =C10-Zato!D9
D11  =C11
D12  =C12+Riba!D11-Zato!D14
```

Dubi D6 da D10 da D12, duk gininsu ɗaya: na bara, a ƙara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita. D12 shi ne igiyar da ta ɗaure Riba da Kadara, ribar 88,000 ta shigo, mai jari ya ciri 30,000, aka tara 58,000. Kwastomomi na riƙe da 120,000, sito na da kayan 108,000, inji ya koma 400,000, masu kawo kaya na bin 72,000, rance saura 240,000. A wannan matakin layin gwaji zai nuna mainus 142,000, kar hankalinka ya tashi, kuɗin da ba mu kawo ba ne, kuma daidai nan ne ni na faɗa rami a wancan karon.

5. Gina takardar shige da ficen kuɗi

Nan zan daɗe don nan aikin yake. Wannan takardar ba ta da wata lamba ta kanta, tana farawa da riba ne sannan ta bi Kadara layi-layi tana tambaya, wannan ya canza da nawa daga bara zuwa bana, kuma canjin ya ci kuɗi ne ko ya kawo.

Ƙa'idar alama ɗaya ce. In abin da ka mallaka ya ƙaru, kuɗi ya ci, don haka na bana ake cirewa daga na bara. In abin da ake binka ya ƙaru, kuɗin sun zauna a hannunka, don haka na bara ake cirewa daga na bana. Ka yi tunanin kwastoman da ya ɗauki kaya bai biya ba, takardar riba ta riga ta ƙirga shi a ciniki amma ko sisi bai shigo ba, dole a debe shi. Mai kawo kaya da ba ka biya ba kuma an riga an cire kuɗinsa a riba alhali suna aljihunka, dole a maido su.

```
D3   =Riba!D11
D4   =Riba!D7
D5   =Kadara!C4-Kadara!D4
D6   =Kadara!C5-Kadara!D5
D7   =Kadara!D9-Kadara!C9
D8   =SUM(D3:D7)
```

D4 zaizayewa ce ake maidowa, saboda an cire ta a riba amma ba wanda aka miƙa wa 100,000 ɗin, kuɗin inji tun ranar saye suka fita. To ga abin da ya fito: 88,000 da 100,000, a cire 120,000, a cire 108,000, a ƙara 72,000, saura 32,000. Sana'ar da ta ci ribar 88,000 ainihin kuɗin da aikinta ya kawo 32,000 ne, sauran sun kwanta a sito da hannun kwastomomi.

Sai ɓangaren sayen kadara da na rance da jari, da rufewa:

```
D10  =-Zato!D6
D12  =Kadara!D10-Kadara!C10
D13  =Kadara!D11-Kadara!C11
D14  =-Zato!D14
D15  =SUM(D12:D14)
D17  =D8+D10+D15
D18  =Kadara!C3
D19  =D18+D17
```

Ba a sayi inji bana ba, D10 sifili. Rance mainus 60,000, cirar mai jari mainus 30,000, jimla mainus 90,000. Canjin shekara 32,000 a cire 90,000, mainus 58,000 kenan. An shiga da 200,000 an fita da 142,000.

Kafin ka wuce ka ɗauki biro ka yi wannan: kowane layi a Kadara, ban da tsabar kuɗi da jimloli, ka nemo abokinsa a Kudi ka yi masa alama. Inji abokansa biyu ne, zaizayewa da saye. Ribar da aka tara ma biyu, riba da cirar mai jari. Sauran ɗaya-ɗaya. Duk ranar da ka ƙara sabon layi a Kadara, misali harajin da sai baɗi za a biya ko kuɗin haya da aka biya gaba, a ranar za ka buɗe masa layi a Kudi. A misalinmu na ɗauka ana biyan haraji a shekarar da ya hau, shi ya sa ba shi da layi.

6. Rufe da'irar

Koma Kadara, a D3 ka rubuta:

```
=Kudi!D19
```

Sama 142,000 da 120,000 da 108,000 da 400,000, jimla 770,000. Ƙasa 72,000 da 240,000 da 400,000 da 58,000, jimla 770,000. Gwaji ya koma sifili da kansa. Yanzu ka ja kwalam D zuwa E a Riba da Kadara da Kudi, ba ka canza komai ba. In ka yi daidai shekara ta 2 za ta ba da riba 164,800, tsabar kuɗi 277,800, ɓangarorin biyu kowanne 862,800. In sai da ka gyara wata fomula a E da hannu kafin ta yi, to akwai matsala a D, koma can ka gyara sannan ka sake ja.

7. In ya ƙi yin daidai

Lambar da ke layin gwaji ba abin tsoro ba ce, ita ke faɗa maka inda ɓarnar take. Fara da shekarar farko da ta karkace, ka manta da na gaba tukuna tun da gado suke ci. Sannan ka nemi wannan lambar a cikin shafukan. Giɓin 100,000 cif a misalinmu kusan kullum zaizayewa ce, ko ba a maido ta a Kudi ba ko ba a cire ta daga inji ba. Giɓin 30,000 da ya zama 60,000 a shekara ta 2 cirar mai jari ce da aka sa a wuri ɗaya aka manta ɗayan. In ba ka ga lambar ko'ina ba ka raba ta biyu ka sake nema, giɓin 240,000 yana nufin 120,000 na kwastomomi an juya masa alama, an ƙara maimakon a cire, shi ya sa ya ninka. In giɓin bai canzawa daga shekara zuwa shekara, kuskuren sau ɗaya ya faru, a ranar farawa ko a shekarar da ya fara bayyana.

In duk wannan bai kama shi ba, danna Ctrl tare da maɓallin ` shafin zai nuna fomuloli a madadin lambobi, ka bi layi da ido daga hagu zuwa dama, lambar da wani ya rubuta da hannu a tsakiyar fomuloli za ta fito fili. A Excel kuma akwai Trace Precedents a ƙarƙashin Formulas, yana zana kibiya daga inda akwati ke ɗauko lambarsa. SUM ma ka duba shi, in ka cusa sabon layi a bakin iyakarsa wani lokaci ba ya ɗauke shi.

Wata matsalar daban ita ce gargaɗin circular reference, wato fomula ta zagaya ta dawo kanta. Yawanci tana zuwa ne in an lissafa ruwa a kan kuɗin ƙarshen shekara ko a kan rancen da ke cike giɓin kuɗi: ruwa na canza riba, riba na canza kuɗi, kuɗi na canza ruwa. Za ka ji ana cewa ka kunna iterative calculation ya wuce. Ni ba na ba mai farawa wannan shawarar, don da zarar ka kunna shi duk wata da'irar da ka yi bisa kuskure ba za ka sake samun gargaɗi ba, kuma in kuskure irin `#DIV/0!` ya shiga da'irar yakan maƙale a ciki ko bayan ka gyara tushensa. Lissafa ruwa a kan na farkon shekara kamar yadda muka yi, in kana son ya fi kusa da gaskiya ka mayar da kwalam ɗinka wata-wata maimakon shekara-shekara, bambancin sai ya zama ɗan kaɗan.

8. Girgiza shi ka gani

Sifili a layin gwaji yana nufin igiyoyin sun ɗauru, ba ya nufin lambobin gaskiya ne. In ka ɗauko bashin kwastomomi daga kuɗin kaya maimakon ciniki, takardar za ta yi daidai tsaf alhali lambar ba ita ba ce. Sannan kuskure na iya ɓoyewa a layin da ke sifili, kamar sayen inji a D. Don haka ka bi shafin Zato ka canza kowace lamba ɗaya bayan ɗaya, kafin ka danna ka faɗi da bakinka abin da kake tsammani zai faru, ka duba, ka maido.

Sa 50,000 a sayen inji na shekara ta 1, kuɗi su sauka zuwa 92,000, inji ya hau 450,000, gwaji ya tsaya a sifili, kuma za ka ga riba ba ta motsa ba, wanda shi ne raunin fomular zaizayewa da na ambata a mataki na 3. Maido shi sifili. Yanzu ɗaga bashin kwastomomi daga kashi 10 zuwa 20, riba na nan 88,000 daram, kuɗi sun faɗo 22,000. Kai shi kashi 25, wato kamar kwastomomi na ɗaukar wata uku kafin su biya, akwatin kuɗi zai nuna mainus 38,000 kuma gwaji har yanzu sifili. Kar ka sa MAX a wannan akwatin don ɓoye mainus ɗin, takardar za ta karkace nan take. Wannan 38,000 ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da za a nemo in kwastomomi suka yi jinkiri haka, ko a ƙara jari, ko a rage kayan sito, ko mai jari ya haƙura da 30,000 ɗinsa a shekarar farko, wanda ko ya haƙura saura 8,000 za a nema. In ƙarin jari aka zaɓa, ka buɗe masa layi na 15 a Zato, ka mayar da D11 na Kadara `=C11+Zato!D15`, layi na 13 a Kudi dama yana jiran sa.